Daga Upwork zuwa asusun banki a Najeriya: wace hanya ce ta fi kawo naira?

Har yanzu idan sabon mai aikin intanet ya tambayi na gaba da shi yadda zai fitar da dalarsa daga Upwork ko Fiverr, amsar da ya fi samu ita ce: kada ka kuskura ka bari su canza maka zuwa naira, ka buɗe asusun dala, a turo maka, ka cire ka kai wa 'yan canji a Wapa. Shawara ce da ta yi amfani sosai a zamaninta. Sai dai an gina ta ne a kan yanayin da ya sauya tun tsakiyar 2023, kuma wanda ya bi ta yau ido rufe a kan ɗan kuɗi kaɗan, zai iya barin naira dubu hamsin a hanya ba tare da ya ankara ba.

Tambaya ɗaya ce ke raba gardama tsakanin hanyoyin nan: a kan kowace dala da ta bar dandalin, naira nawa ne suka shiga asusunka a ƙarshe? Abin da kamfani ya rubuta a matsayin caji ɓangare ne kawai na amsar, kuma sau da yawa shi ne ƙaramin ɓangaren.

Ana yankar kuɗin ne ta fuska 3. Akwai caji tsayayye, wanda ba ruwansa da yawan kuɗinka, ko dala 50 ka fitar ko dala 5,000 abu ɗaya za a cire. Akwai caji na kaso, misali 1 cikin 100 na abin da ya shigo. Sannan akwai wanda ba a rubuta shi a matsayin caji kwata-kwata, wato ratar da ke tsakanin farashin dala na kasuwa da farashin da aka canza maka. Wannan na ƙarshen kamar mai hatsi ne da ya rage maka kuɗin mudu amma ya auna maka da ƙaramin kwano. Idan dala tana naira 1,500 a kasuwa, aka canza maka a 1,455, an karɓi 3 cikin 100 na kuɗinka, ko da allon wayarka ya nuna cewa cajin bai kai dala ɗaya ba.

Mu ɗauki wata mai zanen tambari da ke zaune a Kano, ta gama aikin dala 500 a Upwork. Kafin ma a zo maganar fitarwa, dandalin ya cire nasa kamashon. Daga 2023 Upwork ya riƙa cire 10 cikin 100, a 2025 kuma ya mayar da shi mai hawa da sauka gwargwadon kwangila. Fiverr kuwa 20 cikin 100 yake ɗauka. Wannan ba abin da zaɓin hanya zai gyara ba ne, saboda haka mu bar shi a 10, mu ce dala 450 ce ta rage mata. Mu kuma ƙaddara farashin kasuwa a naira 1,500. Farashin canjin da zan yi amfani da su a nan na misali ne, don lissafi ya fito fili. Na ranar da za ka fitar da kuɗinka, kai za ka duba su a allonka.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Upwork ke kira `Direct to Local Bank`. Za ta sa lambar asusunta na naira, a cire mata dala 0.99, sauran su sauka a matsayin naira. Babu wani kamfani na uku da za ta yi wa rajista, babu manhajar da za ta sauke. Amma ba ta da ta cewa a kan farashin da za a canza mata. Idan aka canza a 1,455, to dala 449.01 za ta zama kusan naira 653,300. Raba wannan da 450, za ka ga kowace dala ta kawo mata kusan naira 1,452.

Hanya ta biyu ita ce Payoneer, wadda ita ce tsohuwar abokiyar masu aikin intanet a Najeriya, musamman mutanen Fiverr, saboda PayPal ya shafe shekaru tun shigowarsa a 2014 yana barin asusun Najeriya ya biya kuɗi amma ba ya karɓa. A nan ana yanka sau biyu: ɗan caji tsayayye lokacin tura kuɗin daga dandali zuwa Payoneer, mu ce dala 2, sannan kaso lokacin canzawa zuwa naira, wanda yakan kai 2 ko 3 cikin 100. Da kaso 2, dala 448 a kan 1,470 za ta ba ta naira 658,560, wato kusan 1,463 a kowace dala. Ta ɗara hanyar farko da naira dubu biyar da ɗoriya. Sai dai Payoneer na da cajin shekara na dala 29.95 a kan asusun da bai karɓi kuɗi mai yawa ba cikin wata 12. Ga wanda aikinsa jefi-jefi ne, wannan cajin kaɗai ya cinye ribar fitarwa sau takwas.

Hanya ta uku ita ce ta fi tashe a 'yan shekarun nan: kamfanoni irin su Grey, Cleva da Raenest, waɗanda ke ba ka lambar asusun dala a wani banki a Amurka da sunanka. A wajen Upwork, ka zama kamar mai asusu a can, sai ka zaɓi `Direct to U.S. Bank`, wanda ke bi ta tsarin ACH na bankunan Amurka, kuma dandalin ba ya caji a kansa. Kamfanin da ya ba ka asusun shi zai ciri nasa idan kuɗin ya sauka, sannan ka canza a cikin manhajarsa lokacin da ka ga dama, ka tura nairar zuwa bankinka. Idan suka ciri 1 cikin 100 suka canza a 1,485, dala 445.50 za ta ba ta kusan naira 661,500. Kowace dala ta kawo 1,470.

Sai ta huɗu, wadda magabata ke yabo: `Wire Transfer`, wadda zan riƙa kira waya, zuwa asusun dala a bankin Najeriya, wanda aka fi sani da asusun dom. Kuɗin yana zuwa a dalarsa ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna kuɗi da shi, ta je reshe ta cire, ta kai wa 'yan canji a Wapa, ko Zone 4 idan a Abuja take. A nan ne ake samun farashi mafi tsoka, mu ce 1,510. Matsalar ita ce cajin tsayayye ne kuma mai nauyi. Dandali zai ciri gomman daloli, sannan dala ba ta tsallakowa kai tsaye daga Amurka zuwa Kano. Sai ta ratsa ta wani banki da ke tsakani, galibi a New York, inda bankinka na gida ke da asusu, shi ma kuma yakan gutsiri nasa ba tare da ya sanar da kai ba. Ko da mun sassauta mun ce duka-duka dala 50 ce ta tafi, saura 400. A 1,510 ta samu naira 604,000. Farashinta ya fi na kowa kyau, amma kuɗin da ta tashi da shi ya fi na kowa ƙaranci: 1,342 a kowace dala, ƙasa da hanya ta uku da naira 57,500.

To me ya sa aka daɗe ana yabon wannan hanyar? Saboda kafin 14 ga Yuni, 2023, ranar da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, farashi biyu ne masu nisan gaske a ƙasar. Na gwamnati yana wajen naira 460, na kasuwar bayan fage yana wajen 750. Duk wata hanya da ke canza maka kuɗi ta banki, kusa da farashin gwamnati take bi. Maimaita lissafin mai zanen nan da waɗancan alƙaluma: dala 449 a kan 460 ta ba da kusan naira 206,500, dala 400 a kan 750 kuma ta ba da 300,000. A lokacin, ko dala 100 aka caje ka a kan waya, kai ne da riba. Yanzu da ratar farashin biyu ta tsuke, a lokuta da yawa ba ta wuce 'yan kaso kaɗan ba, tsayayyen cajin ya fito fili ba abin da ke rufe shi.

Wannan ba ya nufin asusun dom ya tashi aiki. Yawan kuɗin ne ke yanke hukunci. Da a ce dala 3,000 ta tara, waya za ta kawo 2,950, a 1,510 ta zama naira 4,454,500. Hanya ta uku kuma za ta kawo 2,970 a 1,485, wato 4,410,450. Yanzu waya ce a gaba da naira dubu 44. Dala 50 ɗin da ta cinye fiye da kashi 11 na ƙaramin kuɗi, a nan ba ta kai kashi 2 ba. Da waɗannan alƙaluman na misali, inda hanyoyin biyu ke yin kunnen doki yana wajen dala 1,900. Ƙasa da haka caji na kaso ya fi sauƙi, sama da haka tsayayye ya fi. Kowa zai iya gano nasa wurin: ka ɗauki abin da ake yanka a waya, ka duba naira nawa farashin 'yan canji ya ɗara abin da ɗaya hanyar ke ba ka a kowace dala bayan an cire komai, ka ga dala nawa ake bukata kafin ɗoriyar ta biya yankan.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Wanda zai fitar da dala 60 kacal, hanyar farko da muka raina ta fi masa Payoneer a lissafinmu, domin dala 2 a kan 60 ta fi kashi 3. Shi ya sa ba na yarda da duk wanda ya ce min hanya kaza ce ta fi, ba tare da ya tambayi nawa ake magana a kai ba, kuma sau nawa a wata.

Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba game da asusun dom. Buɗe shi kan bukaci BVN, NIN da mutum biyu masu asusun `current` da za su tsaya maka. Tun Yunin 2023 Babban Banki ya ba masu irin wannan asusu damar cire kuɗinsu, amma izinin doka daban, samun dala a reshen da kake daban. Ana iya ce maka ka dawo gobe, ko a miƙo maka 'yan ashirin-ashirin da goma-goma. Wanda ya saba da Wapa ya san ƙananan takardu da tsofaffin 'yan ɗari ba sa samun farashin sabuwar 'yar ɗari mai shuɗin zare. Farashin 1,510 da ka ji a waya na sabuwar takarda ne. Wasu na kauce wa wannan ta hanyar tura dalar daga asusunsu zuwa asusun dala na ɗan canji, shi kuma ya turo naira. Hakan na yiwuwa, amma farashinsa yakan bambanta da na tsaba, kuma wani ne zai fara sakin kuɗinsa kafin ɗaya. Ba harka ce da ake yi da wanda aka haɗu da shi jiya a waya ba.

Ita ma hanya ta uku, da ta yi nasara a lissafin dala 450, tana da nata aibin, kuma a ganina shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. Lambar asusun da aka ba ka ba ta nufin kai abokin hulɗar bankin Amurkan ba ne kai tsaye. Kamfanin ne ke da yarjejeniya da bankin, kai kana ƙarƙashin inuwarsa. Idan bankin ya canza ra'ayi game da kuɗin da ke zuwa Najeriya, ko kamfanin ya koma wani bankin, sai a wayi gari an ba ka sabuwar lamba. Duk kuɗin da aka tura tsohuwar lambar sai ya koma inda ya fito, kuma komawar kan ɗauki kwanaki. Tsakanin Fabrairun 2023 da Oktoban 2025 Najeriya na cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram, kuma hakan ya sa bankunan waje tsananta bincike. Shi ya sa za ka ga kuɗi ya iso amma an riƙe shi, ana neman ka turo shaidar aikin da ka yi. Wanda ya ajiye kwangilarsa da takardar shaidar biya da ake saukewa daga dandali, yakan wuce wannan da wuri. Wanda kuma ya bari abokai suna amfani da lambarsa wajen karɓar kuɗi daga mutanen da bai sani ba, shi ake rufe wa asusu. Sannan a tuna cewa inshorar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta masu ajiya ce a bankunan Najeriya. Dalar da ke zaune a manhaja tana wata ƙasa ne, ƙarƙashin wasu sharuɗɗa. Ni dai ina kallon irin waɗannan asusu a matsayin hanyar wucewa, ba wurin ajiye tarin shekara ba.

Wasu za su ce ina maganar kirifto. Upwork da Fiverr ba sa biya da shi, saboda haka sai ka fara fitar da dalar zuwa wani wuri kafin ka saye shi, ka ƙara mataki da caji. Tun da dandalin kirifto na Binance ya daina hulɗa da naira a Maris 2024, cinikin ya koma wurare da dama, kuma nairar da za ta shigo maka daga baƙo ce. Idan kuɗin da ya turo na sata ne, asusunka za a fara toshewa. Ban ga ɗoriyar 'yan nairori da ta kai wannan kasadar ba.

Mafi yawan kuɗin da ke maƙalewa kuwa, ba laifin wata hanya ba ne, suna ne. Upwork na bukatar sunan da ke asusun banki ya yi daidai da wanda aka tantance a dandali, kuma mu muna da matsala ta musamman a nan. Mutum ɗaya ne Muhammad a fasfo, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar makaranta. Wata ta yi rajistar dandali da sunan mahaifi, banki kuma da sunan miji. Wani sunan garinsu ne a ƙarshe a wata takarda, a wata babu. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. A daidaita wannan tun kafin kuɗi ya taru. Sa asusun yaya ko na miji saboda naka bai shirya ba kuwa, yana iya jawo a dakatar da kai daga dandalin gaba ɗaya, asarar da ta fi kowane caji.

Abu na biyu da ke maƙale kuɗi shi ne matakin asusun naira da kuɗin zai sauka. A tsarin Babban Banki, asusun mataki na 1 ba ya riƙe fiye da naira 300,000, na mataki na 2 kuma 500,000. Naira 653,300 ta mai zanenmu ba za ta shiga ko ɗaya ba. Alamar ita ce dandali ko manhaja ta nuna an biya, alat bai zo ba, banki kuma ya ce sai ka kawo takardu an ɗaga asusun. Kuskure makamancinsa shi ne ba da lambar asusun naira wajen karɓar waya ta dala: ko dai a mayar da kuɗin bayan an yanki caji zuwa da dawowa, ko banki ya canza maka a farashin da ya ga dama.

Lokaci ma kuɗi ne a nan, domin farashi ba ya tsayawa jiranka. A Upwork, kuɗin aikin da aka yi jinga yakan zauna kwana 5 bayan mai aiki ya amince. Na aikin awa-awa kuwa, mako yana rufewa Lahadi, mai aiki yana da zuwa Juma'a ya duba, kuɗin ya samu a Larabar da ke biye. Fiverr na riƙewa kwana 14 ga yawancin masu aiki. Sabuwar hanyar fitarwa da ka ƙara a Upwork sai ta kwana 3 kafin ta fara aiki. Bayan duk wannan ne ACH ko waya za su fara ƙirga nasu kwanakin, kuma kwanakin aiki na Amurka suke ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutunsu. Wanda ya danna fitarwa daren Juma'a yana sa ran sayen ragon suna ranar Litinin, ya makara.

Fa'idar hanya ta uku da ta huɗu, har ma da Payoneer, ita ce suna barin ka riƙe dala ka zaɓi ranar canzawa. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin riba tabbatacciya saboda sun saba ganin naira na faɗuwa. A Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,100. Wanda ya riƙe dala 450 yana jiran ta kai 2,000, da bukata ta kama shi a Afrilu, ya yi asarar fiye da naira dubu 300, abin da ya ninka bambancin duk hanyoyin nan sau da yawa. Riƙe dala yana da ma'ana sosai ga wanda ke da abin biya da dala, kamar kuɗin manhajar zane ko na kwas, domin ya huta da canzawa sau biyu. Kuɗin haya da cefane kuwa da naira ake biyansu, kuma ranar biyansu sananniya ce.

Mai zanenmu, idan abin da take samu a wata bai wuce dala 400 zuwa 600 ba kuma tana bukatarsa duk wata, zaɓinta yana tsakanin hanyoyi ukun farko, waɗanda bambancinsu a lissafinmu bai wuce naira 8,200 ba. Rata ce ƙarama da sauyin farashi na yini ɗaya zai iya juya ta, don haka alƙaluman wani ba za su yanke mata hukunci ba. Abin da za ta yi shi ne ta raba kuɗin wata ɗaya gida biyu, ta fitar a rana ɗaya ta hanyoyi biyu, ta rubuta dalar da ta fita, nairar da ta shigo, farashin kasuwa na ranar da aka canza, da kwanakin da kowace ta ɗauka. Ta kuma bar hanya ta biyun a buɗe ko da ba ta amfani da ita, saboda ranar da ta farko ta tsaya ba sai ta jira kwana 3 na sabuwar rajista ba.

Idan kuma wata rana ta tara mai yawa ta yi waya, kwanakin aiki 5 suka wuce shiru, zuwa banki da cewa "an turo min kuɗi" ba ya kai ta ko'ina. Ta nemi dandalin ya ba ta shaidar turawar, wadda ma'aikatan banki ke kira MT103, ta kai wa sashen kuɗin waje na bankinta. A jikin takardar akwai lambar bin sawu, da adadin da aka tura, da bankin da ke tsakani. Da ita ake gane ko kuɗin na New York, ko ya iso hedikwatar bankin a Legas yana jiran a tantance sunanta.